COP na firiza ya kai 5.1, injin kuwa bai iya kai 1 ba: ina kuskuren yake?

Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin fiziks a taimaka mini, tun ɗazu kaina ya ɗaure. Makon jiya aka koyar da mu cewa babu injin da ingancinsa zai kai kashi 100 cikin ɗari, balle ya wuce. Na yarda, na haddace. Yau kuma sai ga aikin gida a kan firiza: cikinta −18 °C, ɗakin da take ciki 32 °C, a nemo COP mafi girma da za ta iya samu, wato yawan zafin da take cirewa daga ciki a kan wutar da ta sha. Amsar da aka rubuta a ƙasan takardar 5.1 ce. Wato kashi 510 cikin ɗari ke nan? To ina dokar makon jiya ta shige? Na biyu, ni da na yi nawa lissafin −0.36 na samu. Ko dai ni na ɓata, ko mai amsar.

Kabiru: −0.36? Ummi, firizarki bashi ta ci.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Kabiru, bar tsokana. 'Yata, rubuto mana yadda kika yi, layi-layi. Ina zargin na san wurin da kika yi tuntuɓe, amma gara in gani da idona.

Ummi: To Malam. Na ɗauki matakin zafin ciki na raba shi da tazarar da ke tsakanin waje da ciki: −18 / (32 − (−18)) = −18 / 50 = −0.36

Malam Idi: Haka na zata. Ƙasan lissafinki daidai ne, tazarar 50 ce, ko da digiri na yau da kullum aka ƙirga ta ko da ma'aunin kelbin. Saman ne ya kayar da ke. Sifilin digiri na yau da kullum ba ya nufin zafi ya ƙare, wuri ne kawai da aka zaɓa saboda a nan ruwa ke daskarewa. Ƙanƙarar da ke kan −18 °C tana ɗauke da zafi mai yawa a jikinta, shi ya sa ma firiza ke samun abin da za ta kwashe. Idan za ki yi rabawa, dole ki ƙirga daga sifilin gaske, wanda yake wajen −273 °C, wato ma'aunin kelbin. Ki ƙara 273 a kan kowanne: ciki, wato Tc, ya zama 255 K, waje, wato Th, ya zama 305 K.

COP = Tc / (Th − Tc) = 255 / 50 = 5.1

Ga dabarar da za ki riƙa kama kanki da ita a jarrabawa. Da cikin firjin 0 °C ne, hanyarki za ta ba ki sifili, wato firjin ba ya iya cire ko ɗigon zafi. Da kin ga amsa irin wannan, kin san kin manta 273.

Ummi: Kash. Na gode Malam, wannan ya fita. Saura babbar. Ta yaya za a zuba 1 a kwashi 5.1?

Oga Tanimu: Ƙanwata, ni shekarata sha bakwai ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ban taɓa cin karo da firizar da ke ba da 5 ba. Wannan lissafin allo ne. Amma batun ya haura 1 gaskiya ne, kuma sirrin a gas yake. Wuta kwamfiresa kawai take juyawa, gas ɗin shi ke haifar da sanyin. Shi ya sa in gas ya zube, kwamfiresa na ta ƙugi amma ciki kamar tanda. To ƙarin da kike nema daga gas yake fitowa.

Injiniya Binta: Oga Tanimu, rabin farko na maganarka na sa hannu, babu firizar gida mai 5.1, kuma za mu zo kan dalili. Rabi na biyu kuwa kai da kanka ka san ba haka ba ne. Firjin da bai huje ba, shekara nawa yake yi ba a ƙara masa gas ba?

Oga Tanimu: Sai ya yi goma, sha biyar ma.

Injiniya Binta: To ka gani. Da daga jikin gas ƙarin ke fitowa, da yana ƙarewa kamar fetur a tanki. Gas ɗan dako ne. Ya shiga bututun ciki yana ruwa-ruwa, ya tafasa a can saboda matsin wurin kaɗan ne, tafasar ta zuƙe zafin da ke cikin akwatin. Kwamfiresa ta matse tururin har ya fi iskar ɗaki zafi, ya je ragar baya ya sauke kayansa, ya koma ruwa, ya bi ta siririn bututun nan ya sake zagayowa. Yadda ya fita haka yake dawowa, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Ummi, matsalarki tana cikin kalmar da kika yi amfani da ita, "a kwashi". Firiza ba ta ƙera sanyi, kuma ba ta mayar da wuta ta zama wani abu ninki biyar. Zafin da take cirewa dama can yana nan, cikin ruwa da iska da bangon akwatin. Aikinta ta ɗauke shi daga wuri mai sanyi ta kai shi wuri mai ɗumi, inda shi da kansa ba zai taɓa zuwa ba. Wutar da kika biya ladan dakon ce. Babu dokar da ta ce kayan da aka ɗauka ba za su fi ladan yawa ba.

Dokar da ba ta karyuwa ita ce wannan: Qh = Qc + W. Abin da ya fita ta ragar baya daidai yake da zafin da aka ɗebo daga ciki haɗe da aikin kwamfiresa. In kin zuba 1 ta ɗebo 5.1, to 6.1 ne zai fita baya, ba ƙari ba ragi.

Injin kuwa akasin haka yake tafiya. Ana ba shi zafi Qh daga man da aka ƙona, ya mayar da wani ɓangare ya zama aiki, sauran dole ya zubar ta salansa da lagireto. Ingancinsa W / Qh ne. Tunda W yanki ne da aka yanko daga cikin Qh, ba yadda za a yi yanki ya fi abin da aka yanko shi daga ciki. A firiza kuwa Qc ba yankin W ba ne, daga wata ƙofa daban ya shigo. Tambaya ɗaya ake yi wa dukansu, me na samu a kan me na biya, amma a ɗaya abin da aka samu ɗan cikin abin da aka biya ne, a ɗayan kuma baƙo ne.

Malam Idi: Madalla da Injiniya. Bari in ɗora da lambobin Ummi, don a ga cewa na'ura ɗaya ce ake kallo ta fuska uku. Wurare biyu ne dai, mai 305 K da mai 255 K.

In kin sa injin a tsakaninsu, zafi na gangarowa daga sama zuwa ƙasa yana ba ki aiki, iyakar ingancinsa 50 / 305 = 0.164, wato kashi 16.4 cikin ɗari. In kin juya shi baya, kina ba shi aiki yana hawa da zafi sama, kuma sanyin ciki ne buƙatarki, sunansa firiza, 255 / 50 = 5.1. In kuma ɗumin da ke fita ne buƙatarki, kamar masu ɗumama gida da shi lokacin hunturu a ƙasashen sanyi, sunansa famfon zafi, 305 / 50 = 6.1.

Duba abu biyu. 6.1 ya fi 5.1 da ɗaya cif, kuma kullum haka ne ga na'ura ɗaya, saboda mai ɗumama gida har wutar da ya biya tana dawo masa a matsayin ɗumi. Sannan ki raba 1 da 6.1, za ki samu 0.164. Wato COP na famfon zafi marar aibi shi ne ingancin injin marar aibi an kifa shi. Inda injin ya fi zama abin tausayi, wato inda tazarar ta yi ƙanƙanta, a nan famfon zafi ya fi yin fice.

Sadi Carnot, Bafaranshen da ya fara gano wannan iyaka a 1824, da gangarowar ruwa ya kwatanta abin: ruwa ya faɗo daga tudu ya juya dabaran niƙa, gwargwadon tsayin tudun gwargwadon aikin. To firiza jan ruwa ne daga rijiya. Rijiya marar zurfi, da ɗan ƙarfi kaɗan ka cika randa. Mai gaba ashirin kuwa sai ka yi gumi a kan guga ɗaya.

Injiniya Binta: Malam, a gafarce ni, misalin yana da rami ɗaya, kada Ummi ta faɗa. Ruwan da ya faɗo daga tudu duka yake isa ƙasa, ko cokali ba ya raguwa. Zafi ba haka ba ne, wanda ya isa ƙasa bai kai wanda ya taso ba, bambancin shi ne ya zama aiki. Carnot a lokacin yana ɗaukar zafi kamar wani ruwa ne da ba ya ƙarewa. Bajamushen masanin fiziks Rudolf Clausius ne ya daidaita wannan a 1850.

Malam Idi: Gaskiyarki. Na karɓi gyara. A riƙe zurfin rijiyar, a saki sauran.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Ni ban bi duk lissafin nan ba, amma na ga ana maganar firiza. Tawa wata biyu ke nan ba ta hutawa, dare da rana tana aiki, ƙanƙarar ma da ƙyar. Shi wannan COP ɗin, in nata ne ya lalace, ana samun sabo a canza?

Kabiru: Alhaji, ana samu, amma sai an yi oda daga wurin Carnot.

Oga Tanimu: Kabiru ka ji tsoron Allah. Ranka ya daɗe, ba wani ƙarfe ba ne a jikinta, awo ne na yawan sanyin da take ba ka a kan wutar da take sha. Amma ƙorafinka a kan hanya yake. A ina ka ajiye ta, kuma in ka taɓa jikinta ta gefe yaya kake ji?

Alhaji Garba: A ɗan sito take, babu taga. Da a falo take, aka mayar da ita can aka matsa ta lungu, an kuma jera kwalaye a gefenta. Gefen kuwa zafi rau, ba ka iya barin hannu a kai.

Oga Tanimu: To kafin ka kira kowa ya taɓa mata gas, fito da ita. Irin waɗannan firizojin na kwance da yawa ba su da raga a baya, bututun da ke sauke zafin a cikin bangon gefe aka binne shi. Kwalayen nan bargo ka lulluɓa mata. Yadda nake bambancewa in na je gida: in wurin sauke zafi ne ya toshe, jikin zai yi zafi sosai daga farkon bututun har ƙarshensa, kwamfiresa ta yi zafi, amfiya ta hau sama da yadda aka saba. In gas ne ya ragu, farkon bututun kaɗai ke ɗumi, sauran salam, a ciki kuma za ka ga farin ƙanƙara ya kama wani ɓangare ya bar wani, amfiya kuma ƙasa take yi. In robar murfi ce ta saki, ka maƙala takarda ka rufe ka ja, in ta zare ba turjiya to iska na shiga, kuma ƙanƙara za ta taru a bakin murfin. Naka alamar farko ce.

Injiniya Binta: Alhaji ya kawo mana misali har gida, kuma shi ne amsar tambayar Oga Tanimu ta farko, me ya hana a ga 5.1 a zahiri.

Lissafin allo ya ɗauka gas ɗin yana kan −18 °C daidai lokacin da yake ɗiban zafi, yana kuma kan 32 °C daidai lokacin da yake saukewa. Amma zafi ba ya ratsa bango in ɓangarorin biyu matakinsu ɗaya. Dole gas ya fi cikin akwatin sanyi, mu ce −25 °C, kuma dole ya fi iskar ɗaki zafi, mu ce 45 °C. Wato 248 K da 318 K. Rijiyar da kwamfiresa ke ja ba 50 ba ce, 70 ce.

248 / 70 = 3.54

Tun ba a taɓa maganar wata asara ba mun sauko daga 5.1 zuwa 3.5. Sai a zo kan wayar motar kwamfiresa da ke ɗumi, da gogayyar ƙarfe, da tururin da ke tserewa ta bawul, da siririn bututun nan inda matsi ke zubewa a banza ba a ci moriyarsa ba. Waɗannan sukan cinye kusan rabin abin da ya rage a ƙaramar na'ura. Don lissafinmu mu ɗauki 1.7, lamba ce da ba ta yi nisa da abin da ƙaramar firiza ke yi ba.

Yanzu siton Alhaji. Iska ba ta fita, kwalaye sun tare gefe, gas ba ya iya sauke kayansa sai ya kai, mu ce, 55 °C, wato 328 K. Tazara ta zama 80, iyaka ta zama 248 / 80 = 3.1. Kashi 12 cikin ɗari da ɗoriya sun tafi saboda digiri 10 kacal. Kuma duka biyu ne a wuri ɗaya: ɗakin ya yi zafi, don haka zafin da ke kutsowa cikin akwatin ta bango ya ƙaru. Kaya sun ƙaru, rijiya ta ƙara zurfi. Ina za ta ga hutu?

Ummi: Anti Binta, to a yi mini da abin da zan iya taɓawa. In na sa ruwa a ciki, wuta nawa zai ci kafin ya daskare?

Injiniya Binta: Yawwa. Ɗauki lita 2, wato kilo 2, yana kan 30 °C, kina so ya zama ƙanƙara mai −18 °C. Zango uku ne.

Daga 30 zuwa sifili, kowane kilo na ruwa yana sakin wajen kilojul 4.2 a kan kowane digiri: 2 × 4.2 × 30 = 252 kJ. Sai daskarewar kanta, inda ma'auni ke tsaye cak a kan sifili amma zafi na ta fita, kilojul 334 a kowane kilo: 2 × 334 = 668 kJ. Lura, wannan zangon shi kaɗai ya kai kashi biyu cikin uku na dukan aikin, shi ya sa ruwa ke saurin yin sanyi amma ya daɗe bai zama dutse ba. Na ƙarshe, ƙanƙarar ta sauka daga sifili zuwa −18, ita wajen 2.1 take saki: 2 × 2.1 × 18 ≈ 76 kJ.

Jimla Qc = 996 kJ.

Firiza marar aibi mai 5.1 za ta nemi 996 / 5.1 = 195 kJ na wuta. Tamu mai 1.7 za ta nemi 996 / 1.7 = 586 kJ, wato wajen 0.16 kWh a mita. Abin da za ta zubo wa ɗaki kuma 996 + 586 = 1,582 kJ. In kwamfiresar wat 100 take sha, 586 kJ na nufin daƙiƙa 5,860, kusan minti 98 tana aiki saboda ruwan nan kaɗai. A zahiri za ki jira fiye da haka nesa ba kusa ba, saboda wani kaso na ƙarfinta yana tafiya wurin korar zafin da ke kutsowa ta bango, kuma ƙanƙarar da ta fara kamawa a gefen roba tana rage saurin fitar zafin tsakiya.

Kabiru: Wato mai buɗe firji don ɗaki ya yi sanyi hita ya kunna.

Malam Idi: Yau dai ka faɗi ta hankali. Ya cire 996 ta gaba, ya zuba 1,582 ta baya, a ɗaki ɗaya.

Sadiƙ: Ku tsaya, ni wani tunani ya zo mini, kuma da gaske nake. Famfon zafi mai COP 4 ana samunsa, ko ba haka ba? Na ba shi wuta 1, ya ba ni zafi 4. Na ɗauki zafin nan 4 na ba injin mai inganci kashi 30 cikin ɗari, irin na mota, ya ba ni aiki 1.2. Na mayar wa famfon 1 ɗinsa, na riƙe 0.2 riba. Babu mai, babu komai. Ban karya Qh = Qc + W ba, tunda daga iskar waje ƙarin ke zuwa. Ina kuskuren?

Kabiru: Sadiƙ, in ta tashi ka tuna da mu.

Malam Idi: Kada a yi masa dariya, tambayar mai kyau ce, kuma ya yi gaskiya cewa bai karya dokar farko ba, wato Qh = Qc + W. Ta biyu ya taka, wadda ta sa wa injin da famfo iyaka gwargwadon tazarar zafi. Sadiƙ, ɗana, ka haɗa lambobi biyu da ba a rijiya ɗaya aka jawo su ba. Injin mota yana samun kashi 30 ne saboda man da ke ƙonewa a cikinsa yana haura digiri 1,000 nesa. Famfonka kuwa ya samu 4 ne saboda ɗan tudun da ya hau gajere ne. Mu ce ya ɗebo daga iskar waje mai 5 °C ya kai 45 °C, wato daga 278 K zuwa 318 K. Zafin da ya ba ka na ruwan wanka ne. Ka ba injin wannan ruwan wankan, ya zubar a iskar 5 °C, iyakar abin da zai iya 40 / 318 = 0.126. To 4 × 0.126 = 0.5. Ka zuba 1 ka samu rabi, kuma wannan da injin da babu irinsa a duniya.

Ka ce to a kawo famfo marar aibi. Nasa 318 / 40 = 7.95. Ka ninka da 0.126, ka samu 1 daidai. Ka ɗaga zafin don injin ya ji daɗi, famfon ya faɗi. Ka sauke don famfon ya ji daɗi, injin ya faɗi. Ko ta ina ka ɓullo, mafi kyawun sakamako shi ne ka koma inda ka taso hannu wofi.

Sadiƙ: Hmm. Na ga inda ta ɓalle. Amma har yanzu raina bai kwanta ba. Jul jul ne, me ya sa na ruwan ɗumi zai zama ƙasa da na harshen wuta?

Injiniya Binta: Yawansu ɗaya, abin da za ka iya yi da su ne ya bambanta. Amma ka juya tsarinka ka ga abin da ake yi da gaske. Ka fara da injin, ka ƙare da famfo. Mu ce tashar lantarki ta ƙona mai 100 ta ba da wuta 40. Ka ba famfon zafi mai 3.5 wannan 40 ɗin, gida ya samu ɗumi 140. Da man ka ƙona kai tsaye a gidan, ko ka yi sa'a ba za ka wuce 100 ba. Wannan halas ne, saboda ka ci moriyar tsayin harshen wuta, ka yi amfani da shi ka jawo zafi mai yawa a gajeriyar rijiya. William Thomson, wanda ma'aunin kelbin ke ɗauke da sunan sarautarsa, ya kawo shawarar ɗumama gini ta irin wannan hanya tun 1852.

Oga Tanimu: Hajiya Injiniya, ni abin da ya dame ni shi ne 1.7 ɗin nan. Ɗauka kika yi. In ina so in auna na firizar da ke gabana fa? Ina da mitar amfiya. Jiya wata ta nuna mini 0.7, a kan bolt 230, wato wat 161.

Injiniya Binta: A nan ma akwai tarko, Oga. Amfiya sau bolt ba wat ba ne in mota ce ke jan wutar, domin wani kaso na amfiyar kai-komo kawai yake yi tsakanin waya da motar, ba ya zama aiki. Ba abin mamaki ba ne ka ga 161 a lissafinka, mitar wat kuma ta nuna maka wajen 100. In ka raba da 161 za ka zalunci firizar. Nemi ƙaramar mitar nan da ake soka wa a soket, mai ƙirga kWh.

Ka bar firizar ta yi kwana guda a rufe ba a taɓa ta ba, ka rubuta abin da ta sha. Washegari a lokaci irin na jiya ka sa ruwan da ka auna nauyinsa da zafinsa, ka rufe, ka bar ta wani kwanan har ya daskare sarai. Bambancin kwana biyun shi ne W na ruwan, Qc kuma ka ga yadda ake lissafa shi. Kada ka yi da lita 2, 0.16 kWh zai ɓace cikin bambancin zafin yau da na jiya. Yi da lita 6 ko 8 a ƙananan robobi. Ba awon ɗakin gwaji ba ne, amma zai nuna maka ko kusa da 1 kake ko kusa da 2.

Oga Tanimu: Zan gwada da wata firiza mai gas ɗin R600a da ke wurina, mai ita ya yi tafiya.

Ummi: To yanzu in wani ya tambaye ni, tsakanin firiza mai 1.7 da injin mai kashi 30, wanne ya fi iya aikinsa, me zan ce?

Malam Idi: Ki ce ba a gwada su haka, sai an auna kowanne da iyakarsa. Firizar nan iyakarta 5.1, ta samu 1.7, wato kashi 33 cikin ɗari na abin da zai yiwu. Wannan lambar ita ce ba ta wuce 100, kuma ita ta cancanci a kira ta inganci.

Injiniya Binta: Ni da 3.54 zan raba, Malam, in samu kashi 48. Wanda ya ƙera kwamfiresa ba shi ya ajiye ta a sito ba, tazarar da gas ya gani ita ce adalci a gare shi.

Malam Idi: Amma Alhaji ba kwamfiresa ya saya ba, firiza ya saya. Ƙarancin faɗin bututun da ya tilasta wa gas sauka zuwa −25 da hawa zuwa 45, ai laifin na'urar ne. Da sun faɗaɗa shi da tazarar ta ragu. In kin raba da 3.54 kin yafe musu wannan.

Injiniya Binta: Na yafe musu ne don in ga laifin kwamfiresa shi kaɗai, in ba haka ba ba zan san wanne zan gyara ba. Kuma faɗaɗa bututu ba kyauta ba ne, akwatin zai ƙara girma ko cikinsa ya ragu. Ban sauka daga kan 48 ba.

Malam Idi: Ni ma ina kan 33. Ummi, a takardarki dai rubuta 5.1, ki nuna 255 da 305, kuma kada ki sa masa alamar kashi cikin ɗari.

Alhaji Garba: Malam Tanimu, na sa yara sun kwashe kwalayen, mun jawo ta bakin ƙofa, tsakaninta da bango kamar taƙi ɗaya. Gefen har yanzu da ɗumi amma ana iya dafa shi. Ɗazu na ji ta yi shiru, na zaci lalacewa ta yi, ashe tsayawa ta yi da kanta. Bayan kamar minti ashirin ta sake tashi. In bar ta haka, ko har yanzu a duba gas ɗin?

Oga Tanimu: Bar ta haka, ranka ya daɗe. Ka yi gwajin takardar nan a murfin, kusurwa huɗu, ka faɗa mini wacce ta zare.